Sauraron ƙirji: abin da ɗalibin lafiya zai ji, da abin da riga ke ɓoye masa

Sautin numfashin da ake ji da sitetoskof ba a can ƙarshen huhu yake tasowa ba. Iska tana yin ƙara ne a maƙogwaro da manyan bututun huhu, inda take gudu da ƙarfi tana hargitsewa. A ƙananan jakunkunan huhu kuwa tafiyarta shiru ce. Huhu mai lafiya cike yake da iska, shi ya sa yake tace wannan ƙara ta iso bangon ƙirji a tausashe, ana jin ta duk tsawon shaƙa, ta ɓace jim kaɗan bayan an fara fitar da numfashi. Idan namoniya ta cika wani sashe da ruwa da mugunya ya daskare, tacewar ta ƙare, sai a ji numfashi mai kaushi a bayan mutum irin wanda ake ji a kan maƙogwaro.

Ƙarar fito, wadda ma'aikata ke kira wiz, tana fitowa ne idan bututu ya tsuke har bangonsa na kaɗawa yayin da iska ke kutsawa. An fi jin ta wajen fitar da numfashi, domin a lokacin ne bututun cikin ƙirji ke ƙara matsewa. A asma ko'ina ake jin ta, dama da hagu. Idan a gefe guda take, ga yaron da ya sarƙe yana cin gyaɗa, a yi zaton wani abu ya maƙale. Mai asma da yake haki har ya kasa magana amma fiton ya yi shiru, ba sauƙi ya samu ba. Iskar da ke shiga ce ta kasa isa ta yi ƙara, kuma wannan na gaggawa ne.

Ƙas-ƙas kuwa, wato kiref, gajerun sautuka ne a jere, kamar an watsa gishiri a garwashi. Masu laushin ƙananan bututu ne da suka manne suke buɗewa farat ɗaya a ƙarshen shaƙa. Masu kaurin majina ce a manyan bututu, kuma tari kan sauya su ko ya kawar da su. Mai jego da ke haki, ƙafafunta a kumbure, ga ƙas-ƙas mai laushi a gindin huhu biyu, zuciyarta za a duba, domin ciwon zuciyar bayan haihuwa sananne ne a ƙasar Hausa tun binciken da aka yi a Zariya a shekarun 1970.

Duk wannan ilimi yana lalacewa ne a kan abu guda: ɗora sitetoskof a kan riga. Da hunturu, lokacin da ƙura ta rufe Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi, yara na zuwa ɗakin shan magani a naɗe cikin riguna biyu ko uku. Ɗalibi ya ga layi ya yi tsawo, ya manna ƙarfen a kan suwaita sau biyu ta gaba, ya ce ya ji kiref. Gogar zare ya ji. Rage riga bai kai minti ɗaya ba, kuma ganda ce kawai ke hana shi.

A ɗauki yaro ɗan shekara biyu mai tari da zazzaɓi. Farko a bar shi a cinyar uwarsa ya natsu, a ɗaga rigar, a ƙirga numfashi na minti ɗaya cur. Bisa ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, 40 ko fiye a minti saurin numfashi ne ga ɗan shekara 1 zuwa 5, 50 kuma ga ɗan wata 2 zuwa 11. A ce an samu 48. Sai a ɗumama ƙarfen a tafin hannu, a ɗora kan fata, a saurari cikakken numfashi ɗaya a kowane wuri, dama sannan hagu a daidai tsayi guda, gaba da baya da ƙarƙashin hammata. Baya ya fi muhimmanci, domin yawancin ƙasan huhu a can yake. Idan an ji gurnani iri ɗaya a ko'ina, a kai ƙarfen kusa da hancin yaron. In ya fi ƙarfi a can, majinar hanci ce ke ratsowa. Idan kuwa ƙas-ƙas ɗin ya tsaya a gindin dama kaɗai, tari bai gusar da shi ba, namoniya ce ta fi kusa. Ƙirjin da ya yi tsaf a kunne ma bai wanke yaro ba muddin numfashinsa na sauri ko ƙasan ƙirjinsa na lotsawa in ya shaƙa.