Nawa Za A Biya Ki Ki Ambaci Hajata?

Idan ɗan kasuwa ya turo wa mai tashar YouTube ko TikTok saƙo yana son ta ambaci hajarsa a bidiyo, abin da yakan fara dubawa shi ne yawan mabiyanta. Ita ma sau da yawa da wannan adadin take yanke farashi. Amma mabiyi ba lallai ba ne ya zama mai kallo, shi kuwa mai kaya idanun da za su ga kayan nasa yake saye.

A ɗauki misalin wata mai koyar da girki a Kano da ke da mabiya 80,000, wani mai haɗa yaji ya nemi ta tallata masa. Sai ta buɗe YouTube Studio ta duba bidiyoyinta goma na baya-bayan nan waɗanda suka yi aƙalla wata guda da fita. A ce tara daga ciki kowane ya samu kallo wajen 20,000, guda ɗaya kuwa da ta saka da azumi ya kai 300,000. In ta haɗa duka ta raba goma, za ta samu 48,000, adadin da ba za ta iya yi wa kowa alkawarinsa ba. Abin da ya fi shi ne ta jera su daga ƙarami zuwa babba ta ɗauki na tsakiya, wato 20,000. Idan ta yi ciniki a kan 48,000 aka tashi da ƙasa da rabi, mai yaji ba zai sake dawowa ba, kuma zai gaya wa abokan sana'arsa.

Daga nan sai ta sa kuɗi a kan kowane kallo dubu. Babu wani tsayayyen farashi a nan, ya danganta da su wa ke kallon. Matan aure 20,000 masu yin cefane sun fi amfani ga mai yaji a kan matasa 100,000 masu kallon barkwanci. A misalinmu mu ce naira 2,000 a kan kowace dubu: ambato na daƙiƙa 30 ya kama 40,000 ke nan. In yana son minti guda, a kuma gan ta tana zuba yajin a tukunya, tana iya kai shi 60,000. Gurbin ma yana da tasiri, domin masu kallo raguwa suke yi yayin da bidiyo ke tafiya, don haka ambato a farko ya fi na ƙarshe tsada.

Wahalar aiki kuma a lissafta ta daban. Ƙarin cefane, fetur na janareto, data da ladan mai tace bidiyo, a ce sun ci 15,000. A faɗa masa tun farko cewa gyara sau ɗaya ne kyauta, don akwai masu kayan da sai an gama ɗauka za su tuna cewa sun canza lambar waya.

Inda aka fi cutar masu tashoshi shi ne izinin amfani da bidiyon. Waccan 60,000 ɗin kuɗin fitowa ne a tasharta kawai. Amma sai mai yaji ya yanko wurin da ta yabi kayansa, ya biya Facebook da Instagram su yi ta nuna wa mutanen da ba su taɓa sanin tasharta ba, wata da watanni. Fuskarta da muryarta na yi masa aiki, ita ko sisi. Ga shi kuma duk wani mai yaji da ya ga tallar zai ɗauka ta riga ta zama ta wancan, ba zai neme ta ba. Saboda haka dole a rubuta inda zai saka bidiyon da tsawon lokacin, ko da a saƙon WhatsApp ne. In ta sa 20,000 a kowane wata, shi kuma yana son wata uku, an samu ƙarin 60,000. Jimilla 135,000 ke nan, fiye da ninki uku na 40,000 ɗin da aka fara da ita. Idan har ya ce kada ta tallata yajin kowa a wannan lokacin, wannan ma wani ciniki ne mai kuɗinsa. Kalmar da ya kamata ta guda ita ce "har abada".

Ba mamaki mai yaji ya ce kuɗin ya yi masa yawa. A nan, maimakon ta karya farashi haka kawai, gara ta rage abin da zai samu: izinin wata ɗaya a madadin uku, ko daƙiƙa 30 a madadin minti guda. A ganina wannan ya fi yin ragi, don farashin da aka karya wa mutum ɗaya da wuya ya sake tashi. In sun daidaita, ta karɓi rabi a matsayin kafin alƙalami, ragowar kuma kafin ta saki bidiyon, sannan ta faɗa wa masu kallonta a fili cewa wannan talla ce aka biya ta.