Daƙiƙa Arba'in Da Ke Kai Mama Asibiti A Ranar Da Aka Sa Mata

Takardar ba ta kai tafin hannu ba. A samanta akwai tambarin asibiti da lambar kati, a tsakiya layi huɗu na Turanci, a ƙasa kuma sa hannun da ba ya karantuwa. Abin da take faɗa shi ne mai katin ta dawo 12/02 da ƙarfe 8:00 na safe don awon suga, kada ta ci abinci tsawon awa goma kafin lokacin, ta zo da katinta da magungunan da take sha, ta fara zuwa ɗakin gwajin jini kafin ganin likita. Wanda ya rubuta ya sauke nauyinsa. Sai dai dattijuwar da aka miƙa wa takardar ba ta karanta boko, ta ninke ta huɗu ta cusa a jaka, kuma jikanta da ke karanta mata yana makarantar kwana.

A irin wannan gurbi saƙon murya ya samu wurin zama. WhatsApp ya fito da shi a 2013, kuma a 2022 kamfanin ya ce ana aika saƙon murya kusan biliyan 7 kowace rana a duniya. A ƙasar Hausa ba sai an kawo alƙaluma ba, domin da shi ake cinikin atamfa, da shi ake gayyatar suna, da shi ake kai gaisuwar rasuwa. Don haka ma'aikacin ɗakin kati ko ma'aikaciyar jinya da ta ɗauki waya don tuna wa Mama ranarta ta bi hanyar da Mama ta saba da ita. Tangarɗar tana zuwa ne lokacin da aka danna alamar makirfo kai-tsaye, takarda a hannu, ana karantawa ana fassarawa. Sai a samu saƙo na minti biyu da rabi, cike da "am" da "wato", ranar ta ɓuya a tsakiya, an faɗi lambar kati sau biyu, ba a faɗi sunan mai magana ba.

An tsara takardar ne don ido, wanda ke iya tsallake tambari ya dira kan kwanan wata, ya koma baya ya sake dubawa. Kunne ba ya da wannan dama. Abin da ya wuce ya wuce, sai dai a sake kunna saƙon daga farko. Shi ya sa wanda ya iya aikin yakan zauna da biro ya rubuta abin da zai faɗa tukuna, kuma abu na farko da yake yi shi ne zubar da rabin takardar. Lambar kati tana jikin katin da Mama za ta riƙo. Sunan sashe da Turanci ba zai nuna mata ƙofa ba. Abin da ya rage shi ne wanda ke magana, rana da lokaci, abin da za ta yi kafin ta zo, abin da za ta riƙo, da ƙofar da za ta nufa.

Kwanan wata shi ne wurin da aka fi tuntuɓe. A Nijeriya 12/02 yana nufin sha biyu ga Fabrairu, amma wayoyi da kwamfutoci masu bin tsarin Amurka suna sa wata a gaba, su mai da shi biyu ga Disamba. Ko an karanta shi daidai, da sauran rina a kaba: "sha biyu" da "sha biyar" suna kama da juna a lasifikar ƙaramar waya, musamman idan injin markaɗe na ruri a maƙwabta. Mafita ita ce a jingina lambar da sunan rana. Idan sha biyu ga wata ta faɗo Laraba, sha biyar za ta faɗo Asabar, kuma Mama da ta ji "Laraba" ba za ta fito ran Asabar ba. Dattijai da yawa ma da watan Musulunci suke lissafi, saboda haka sunan ranar ne ke zama a ransu, lambar kuwa ta ɗan da zai kawo ta ce.

Kalmomin da suka fi daɗi a baki su ne suka fi haɗari a nan. Hausa na da gobe da jibi da gata da citta, amma dukansu sun dogara ne da ranar da aka ji maganar. Saƙon da aka aika ran Litinin da "jibi" yana iya kwana biyu bai sauka ba saboda babu data ko babu caji, a buɗe shi ran Laraba da hantsi, Mama ta shirya wa Juma'a. Haka "Laraba mai zuwa" da "Laraba ta sama" sukan jawo gardama ko tsakanin mutum biyu da ke zaune a tabarma ɗaya. Rubutun kirki yana faɗin ranar da sunanta da lambarta, ya bar su jibi ga hirar gida.

Sai maganar rashin cin abinci, inda fassarar kai-tsaye take iya cutar da mutum. Kalmar Turancin da ke kan takardar, ƙamus zai ba da ita a matsayin "azumi". Ga Bahaushiya Musulma azumi yana da ma'ana ɗaya: a yi sahur kafin alfijir, a kame daga ci da sha har faɗuwar rana. Idan aka ce mata "ki zo da azumi", tana iya cin tuwon sahur da asuba, ta ƙi shan ruwa, ta iso asibiti ƙarfe takwas. Ta yi biyayya iyakar fahimtarta, amma awon ya lalace, tunda wannan gwaji yana buƙatar aƙalla awa takwas ba a ci komai ba, ruwa zalla kuwa an yarda a sha. Ko dai a mai da ita gida, ko kuma, abin da ya fi muni, a ɗauki jinin a samu sakamako mai nuna sugan ya hau fiye da gaskiya. Don haka ba a sa kalmar azumi a rubutun sam. Ana yi mata lissafin ne: awa goma kafin ƙarfe takwas na safe shi ne ƙarfe goma na dare. Kuma ana ambatar abubuwan da ba kowa ke ɗaukarsu abinci ba, wato koko da shayi da goro.

Daren ma sai an kula da sunansa. A lissafin Musulunci dare ne ke gabatar yini, shi ya sa daren Juma'a yake nufin Alhamis da dare. Wanda ya ce "daren Laraba" zai raba masu saurare gida biyu. "Ranar Talata, bayan sallar isha'i" ba ya raba kowa.

Ga yadda takardar ta koma bayan wannan tankaɗe da rairaya:

"Assalamu alaikum Mama, ina wuni. 'Yarki ce daga ɗakin kati na asibitin da kike zuwa. Ranar dawowarki Laraba ce, sha biyu ga watan Fabrairu, ƙarfe takwas na safe. Ranar Talata ki ci abincin darenki, amma daga ƙarfe goma, bayan isha'i, kada ki ƙara cin komai. Da safe ban da koko, ban da shayi, ban da goro. Ruwa zalla kina iya sha. Ki riƙo katinki da magungunanki. In kin shigo, ki fara zuwa inda ake ɗaukar jini. Laraba ce, sha biyu ga wata, ƙarfe takwas na safe. Mama, in kin ji, ki turo mini ranar da lokacin. Allah ya ƙara lafiya."

Idan aka karanta shi a natse, bai fi daƙiƙa arba'in zuwa hamsin ba. Gaisuwar tana nan, domin saƙon da ya faɗo wa dattijuwa babu sallama ba zai samu kunnenta ba, amma an taƙaita ta, an bar tambayar gida da jikoki sai an haɗu. Kowace jimla aiki ɗaya take ɗauke da shi, kuma ayyukan sun jeru yadda za su faru: daren Talata, safiyar Laraba, bakin ƙofa. Ranar ta fito sau biyu, a farko da ƙarshe, da kalmomi iri ɗaya, don kada sauyin lafazi ya sa a zaci rana biyu ake nufi.

Abin da aka bari a waje ma da gangan ne. Ba a ambaci ciwon suga ba, ba a ambaci sakamakon wani gwaji ba. A gidaje da yawa wayar ta maigida ce ko ta babban ɗa, kuma saƙon murya a fili yake tashi, a tsakar gida ko a majalisa, sai fa idan mai sauraro ya kara wayar a kunne. Dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin waɗanda ke buƙatar kariya ta musamman, kuma tun kafin doka, kunya ta hana a tallata ciwon mutum. Haka kuma ba a ce komai kan shan maganin safe ba, domin takardar ba ta faɗa ba. Tambaya ce mai nauyi ga mai ciwon suga da zai kwana bai ci ba, kuma amsarta tana bakin likita ko ma'aikaciyar jinya. Mai tsara saƙon ya tambaye su ya saka amsarsu, kada ya cike gurbin da tunaninsa.

A Maraɗi ko Damagaram takardar da Faransanci take zuwa, lokacin kuma a rubuce kamar 14h30. Aikin iri ɗaya ne, sai dai a mai da shi "ƙarfe biyu da rabi na rana".

Kafin a aika, akan karanta rubutun da ƙarfi sau ɗaya. Duk inda numfashi ya ƙare kafin jimla ta ƙare, a raba ta biyu. Duk inda harshe ya sarƙe, a sauya kalmar. WhatsApp yana ba da damar a kulle makirfon a yi magana ba tare da riƙe yatsa ba, a kuma saurari abin da aka ɗauka kafin a tura, kuma a wannan sauraren ne ake gane cewa ƙarar fanka ta haɗiye "sha biyu". Yana da kyau a bi saƙon da hoton takardar, saboda murya ba ta nunuwa ga mai gadi a bakin ƙofa, kuma ɗan da zai kawo Mama a babur zai fi son ya duba da idonsa.

Alamar makirfo da ta koma shuɗiya tana nuna an kunna saƙon ne kawai, wataƙila ma yaro ne ya danna. Shi ya sa aka roƙi Mama ta maimaita ranar da bakinta. Idan amsar ta dawo da "to, Allah ya kai mu", ba a san abin da ta riƙe ba, sai a sake tambaya a hankali. Idan ta ce "Laraba da ƙarfe takwas, ba zan sha koko ba", saƙon ya isa. Idan kuma shiru ya kai yammacin Litinin, ma'aikaciyar takan kira lambar, ta karanta rubutun nan dai da bakinta, tunda har yanzu akwai yini guda kafin ƙarfe goma na daren da aka hana cin abinci.