Birekar da Ke Faɗuwa Bayan Minti Arba'in

A tsakiyar zafin Afrilu aka kira wani shagon gyaran na'urorin sanyi a Kano: iyakwandishan ɗin falo tana kayar da bireka. Oga yana wani aikin, sai ya tura yaronsa, wanda bai cika shekara da fara koyo ba.

Yaron ya iso da zafinsa. Ya wanke na'urar waje da ƙurar hunturu ta toshe, ya kunna, sanyi ya zo, ya karɓi kuɗin mota ya tafi. Kafin la'asar waya ta biyo shi. Washegari ya canza kafasita, bireka ta sake faɗuwa. Daga nan ya yanke shawarar da ke ƙona gidaje: a cire bireka mai amfiya 16 a sa mai 32. Ai wayar da ke cikin bango bireka take karewa, in aka ƙara mata girma aka bar siririyar waya, wayar ce za ta yi zafi har rigarta ta narke.

Tambaya ɗaya Oga ya yi masa: “Da ka kunna take faɗuwa, ko sai an jima?”

“Wallahi Oga, ban tsaya na gani ba.”

Amsar wannan tambaya rabin aikin ce. Bireka hanya biyu take faɗuwa. In wayoyi sun haɗu, ko wayar cikin kwamfuresa ta ƙone, maganaɗisun cikinta yana fizge ta nan take. In kuwa lodi ya ɗan wuce ƙima, wani siririn ƙarfe ne ke ɗaukar zafi a hankali, ya lanƙwashe, ya sake ta. Wannan yana cin mintuna, kuma ƙarfen bai san daga ina zafin ya fito ba.

Oga ya ba shi mitar da ake maƙalawa a waya, ya ce ya samu kujera. Iyakwandishan mai ƙarfin doki ɗaya da rabi takan ja amfiya biyar zuwa shida in ta daidaita. Mita ta nuna shida, ta tsaya a nan. Minti ashirin, shida. Yaron har ya fara gyangyaɗi. Wajen minti arba'in ya ji “ƙas”, alhali mita ba ta motsa ba.

To, na'urar ba ta da laifi ke nan. Ya kai bayan hannu jikin robar bireka, ya ji ta ɗau zafi, maƙwabtanta kuwa da sanyinsu. Ya kashe wutar gidan daga babban makunni, ya gwada ya tabbatar babu wuta, sannan ya buɗe akwatin. Sukurun da ke riƙe waya ya yi sako-sako, bakin wayar ya yi baƙi. Zafin wannan mahaɗa ne ke ratsawa ya yaudari ƙarfen.

Ya datse wurin da ya ƙone, ya sa sabuwar bireka mai amfiya 16 don tsohuwar ta gasu, ya ɗaure tamau. Maigidan ya miƙo kuɗi, yaron ya ce, “Alhaji, a bari ta yi awa guda tukuna.”