Takardar Maki da Shinkafar Bakolori: Me Kamfani Ke Aunawa?

A gonakin rani da ke shan ruwan madatsar Bakolori, wadda aka kammala a 1978 a kan gulbin Sakkwato, cinikin shinkafa ya daɗe yana tafiya da ido da haƙori. Mai saye ya soke buhu, ya murza a tafi, ya ciji ƙwaya, sannan a yi tayi. Har yau haka ake yi a kasuwannin Bakura da Talata Mafara. Amma shansherar da ta hau tirela ta nufi babban kamfani, wani alƙalin ke jiran ta a bakin ƙofa, wato sikelin mota da na'urar auna danshi.

Dalilin sauyin ba ɓoyayye ba ne. Shirin lamunin manoma da Babban Bankin Najeriya ya ƙaddamar a Birnin Kebbi a 2015, da rufe iyakokin tudu a watan Agustan 2019, sun buɗe wa shinkafar gida kasuwa. Manyan injina suka yawaita, irin su Labana a Birnin Kebbi da WACOT da aka buɗe a Argungu a 2017. Injin da ke cin tan-tan a kowace rana ba zai zauna jiran dillali ba, kuma ba ya son tsakuwa. Shi ya sa mai sayen kaya ke buƙatar takardar maki ga kowane dillali: mota nawa ya kawo a ranar alkawari, nawa kuma aka samu da aibi.

Matsalar ita ce a harkar shinkafa ma'aunan biyu suna ja-in-ja. Ana girbe ta da danshi kusan kashi 20 zuwa 25 cikin 100, alhali ba ta ajiyuwa lafiya sai ta sauko zuwa 14. Shanya na son kwanaki. Dillalin da aka matsa wa da ranar alkawari, hanya mafi sauƙi a gare shi ita ce ya ɗinke buhu kafin ta bushe. Mota mai tan 30 da danshi 18, idan ta sauko 14, tan 28.6 za ta koma. Kusan tan ɗaya da rabi ruwa ne aka biya kuɗinsa. Kuma idan ta kwana biyu a jibge sai ta yi zafi, ƙwayar ta yi rawaya.

A ɗauki misalin dillalai biyu, kowanne ya yi alkawarin mota goma. Na farko ya kawo tara a kan lokaci, amma bakwai kaɗai suka tsallake gwaji. Na biyu ya makara sau uku, sai dai duka goman lafiya lau. Idan kamfani ya ba lokaci nauyin 70, inganci 30, na farko zai ci maki 84, na biyu 79. A juya nauyin, na farko ya faɗo 76, na biyu ya hau 91. Ba abin da ya canja a cikin buhunan. Manajan da ya zaɓi nauyin shi ya zaɓi gwani, kuma kafin kaka ta zagayo dillalai sun gane abin da ake ba lada sun bi shi.

A ganin mai wannan nazari, lissafi na biyu ya fi dacewa da shanshera. Kamfani mai ajiyar mako biyu a sito zai jure makarar kwana ɗaya, amma ƙwayar da ta lalace ba ta gyaruwa.

Shi ma ingancin sai an rarrabe shi. Idan danshi kaɗai ake aunawa, manomi zai bar ta a kan tamfol cikin zafin Afrilu har ta bushe ƙayau, raɓa ko yayyafi ya sake taɓa ta, ƙwayar ta tsage a cikin ɓawonta. Na'ura za ta nuna adadi mai daɗi, inji kuma ya fitar da karyayya. Alamar wannan kuskure ita ce makin dillali yana hawa, yawan cikakkiyar ƙwaya yana sauka. Don haka tsakuwa da ƙaiƙayi, da gaurayen iri, misali FARO 44 da wani irin mai gajeren ido, kowanne na son layinsa a takardar.

Saura batun adalci, wanda a Zamfara yake da nauyi. A watan Satumbar 2021 an rufe kasuwannin mako-mako, aka katse layukan waya saboda matsalar 'yan bindiga. Dillalin da ke tara kaya daga ƙauyukan Maradun zai iya makara ba da laifinsa ba. Takardar da ba ta da gurbin rubuta dalilin makara za ta zaftare masa maki, shi kuma ya daina shiga ƙauyukan nesa, ya tsaya ga manoman bakin titin Gusau zuwa Sakkwato. Manomin cikin lungu sai ya rasa mai saye, ya sayar wa duk wanda ya iso a farashin da aka taya masa.