Minti 22 na hasken magariba: lissafin mai tafiya a ƙafa daga Rogo Sabon Gari zuwa ƙauye

Ɗan kasuwa ko ma'aikacin da ya bar Kano bayan la'asar don ɗaurin aure ko ta'aziyya a yankin Karaye da Rogo, sau da yawa mota kan sauke shi a Rogo Sabon Gari rana na gab da faɗuwa. Idan garin da ya nufa yana cikin ƙauyukan mazaɓu irin su Zarewa, Fulatan ko Ruwan Bago, kuma bai sami ɗan acaɓa ba, zai iya yanke shawarar ƙarasawa da ƙafa. A nan mutumin birni ya fi yin kuskure, domin fitilun shaguna da na tituna sun ɓoye masa yadda duhu yake saurin rufewa a karkara.

Saboda kusancin ƙasar Kano da tsakiyar duniya, rana tana nutsewa ne kusan a miƙe, ba a karkace ba kamar a Turai. Hasken da ke saura bayan ta faɗi, wanda mutum zai iya bambance rami da inuwa a cikinsa, bai wuce na kimanin minti 22 ba. Lokacin faɗuwar kuma yana canjawa: wajen ƙarfe 6 a watan Nuwamba, kusan ƙarfe 7 a watan Yuli. Hazon hunturu ko hadarin damina suna iya cinye wani ɓangare na wannan ɗan hasken.

A ɗauka mutum ya sauka da ƙarfe 5:40 na yamma a Nuwamba, ƙauyen kuma yana da nisan kilomita 5. Baƙo mai riƙe da jaka a kan turbar ƙasa ba ya wuce kilomita 4 a awa ɗaya, saboda haka yana buƙatar minti 75, wato zai isa da ƙarfe 6:55. Amma haske zai ƙare masa da misalin 6:22, lokacin da bai cika kilomita 3 ba. Fiye da kilomita 2 ke nan zai yi cikin duhu, ban da tsayawa sallar magariba. A Yuli kuwa, wannan tafiyar za ta ƙare daidai faɗuwar rana. Abin da ya rage a duba shi ne wata: a daren 14 yakan fito daidai magariba ya haskaka hanya, amma bayan haka yana jinkirta fitowa da kimanin minti 50 kowane dare, don haka wanda ya dogara da farin wata a daren 18 zai daɗe yana jira. Idan lissafi ya nuna mafi yawan tafiyar a duhu za a yi ta, kwana a Rogo a tashi da asuba ya fi.

Sashen farko na tafiyar yakan kasance a gefen kwalta, kuma shi ne mafi haɗari, ko da yake shi ne mutane suka fi sakankancewa da shi. Mai tafiya yana hango fitilar mota daga nesa, sai ya ɗauka direban ma ya gan shi. Ba haka ba ne. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin mita 22 a kowace daƙiƙa. Kafin direba ya gane abin da ke gabansa ya taka birki, ya riga ya wuce mita 30, sannan birkin kansa yana buƙatar wasu mita 35 a busasshiyar kwalta idan tayoyi masu kyau ne. Jimilla kusan mita 70. Mutum mai duhun tufafi kuwa ba kasafai ake ganinsa da gajeriyar fitila ba sai ya rage 'yan mitoci da ba su kai rabin wannan ba, musamman idan fitilar wata motar ta kashe wa direban ido. Farar riga tana taimakawa, amma ba ta kai rigar nan mai ƙyalli da ma'aikatan hanya ke sawa ba, wadda ake iya hangowa daga fiye da mita 100.

Shi ya sa ƙa'idar hanya ta Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta tanadi cewa inda babu wurin tafiyar ƙafa, a riƙa fuskantar motocin da ke tahowa. Tun 1972 motoci a Najeriya ke bin hannun dama, saboda haka mai ƙafa gefen hagunsa zai bi, ya riƙe tocila a hannun dama, wato ɓangaren da motoci ke wucewa, ya karkatar da haskenta ƙasa don kada ya dallare direba. Idan mutane da yawa ne, su jeru ɗaya bayan ɗaya. Inda hanya ta lanƙwasa hagu sosai, dawa ko rake suka tsare gani, gara a tsallaka ɗaya gefen tun da nisa, a dawo bayan an wuce kwanar. Fitila ɗaya tilo kuma ba ta tabbatar da cewa babur ne ke tafe. Tana iya zama ta mota mai ɗauke da buhuna wadda ɗayar fitilarta ta mutu, kuma rabin jikinta da ba a gani yana iya kasancewa a gefen mai tafiya. A sauka daga kwalta gaba ɗaya har ta wuce.

Da zarar an ratse zuwa turba, matsalar ta koma ƙasa. Da magariba macizai ke fitowa, musamman lokacin shuka da kaka. Kububuwa, wadda ita ce ta fi kashe manoma a Arewa, ƙarama ce kuma launinta ya saje da ƙasa. Kasa kuwa ba ta gudu, kwanciya take yi har a taka ta. Takalmi rufaffe da dogon wando sun fi silifas nesa ba kusa ba, a kuma bi tsakiyar turba, ana haska taku uku zuwa huɗu a gaba. Fitilar waya ba ta kai tocila ba, kuma tana cinye cajin da za a buƙata don kiran 112 ko 122. Idan tsautsayi ya faɗa, kada a ɗaure wurin tamau, kada a tsaga ko a tsotsa. A cire zobe da agogo, a hana gaɓar motsi, a ɗauki mutumin zuwa asibiti ko da yana cewa ba ya jin komai, domin dafin kububuwa hana jini daskarewa yake yi, kuma alamarsa, kamar jini a dasashi, tana iya jinkirta awoyi.

Da damina a guji ƙetare rafi cikin duhu, domin ruwan da aka yi a wani gari yana iya cika shi ko da ba a yi ɗigo a nan ba. Ruwa mai gudu da ya kai gwiwa ya isa ya kayar da babban mutum.

Sai batun jama'a. Rogo tana iyaka da jihohin Katsina da Kaduna, kuma baƙon da ya ɓullo wa ƙauye da daddare ba tare da sanarwa ba zai sha tambayoyi daga 'yan sintiri. Tun yana tasha, inda waya ke kamawa, ya kira mai masaukinsa ya faɗi hanyar da zai biyo da lokacin da yake sa ran isa, ya roƙi a turo wani ya tarye shi a mararraba, a kuma sanar da mai unguwa. Idan aka haska shi a hanya ya tsaya cak, ya yi sallama da ƙarfi, ya ambaci sunan gidan da zai sauka kafin a tambaye shi.