Inuwa Da Gawo: Yadda Ake Gane Gaskiyar Zanen Gini

Kafin a haƙa harsashin gini, magina na zamani sukan fitar da zane mai kama da hoto, wanda ke nuna siffar ginin kamar an riga an gama shi. A da da alƙalami da fenti ake yin sa, yanzu kuwa galibi da kwamfuta. Tun da ginin bai wanzu ba, mai zanen ne ke zaɓen hasken rana, da launin bango, da mutane, da itatuwan da ke kewaye. A wajen wannan zaɓe ne gaskiya ko yaudara ke shiga.

A ɗauki misalin zanen ajujuwan makaranta da za a gina a Rogo, masu bango mai tsayin mita 3. Garin yana wajen digiri 11 da rabi arewa da layin da ya raba duniya biyu, kuma wannan shi ke ƙayyade tsawon inuwa. Ranar 21 ga Disamba, da tsakar rana, rana takan karkata kudu, ta tsaya a digiri 55 daga doron ƙasa, sai bangon ya jefa inuwa mai kimanin mita 2 ta arewa. Ranar 21 ga Yuni kuwa inuwar takan koma kudu, ta gajarce zuwa kimanin santimita 60. Wajen 20 ga Afrilu, lokacin da zafi ya tsananta, rana takan zo daidai ka, inuwar bango ta kusan ɓacewa. Saboda haka zanen da ya nuna yara zaune cikin doguwar inuwa ya zaɓi safiya ne ko yamma, ya ɓoye tsakar ranar bazara. Zane na gaskiya yakan faɗi wata da sa'ar da ya nuna, domin a san ko ginin na buƙatar baranda.

Tsirrai ma kan tona asiri. Gawo yakan zubar da ganyensa da damina, ya yi sabo da rani, saɓanin yawancin itatuwa. Idan aka ga gawo cike da ganye a tsakiyar koriyar ciyawa, to an haɗa yanayi biyu da ba su cika haɗuwa ba. Haka nan katuwar darbejiya a filin da ko dashe ba a yi ba, alkawarin shekaru masu yawa ce.

Farin fenti kuwa ba ya daɗewa fari. Ƙurar hunturu takan dusashe shi, tsartsuwar ruwan sama ta rina gindin bango da launin ƙasa. Mutanen cikin zanen su ne ma'auni. Tsayin ƙofa yawanci kimanin mita 2 ne, don haka idan kan babban mutum bai wuce rabinta ba, an ƙanƙanta shi ne domin ɗakin ya yi kama da zauren taro.