Malami Ya Iya Koyarwa, Dayarinsa Fayau: Me Shugaban Makaranta Zai Rubuta a Fom Ɗinsa?

Idan shekara ta zo ƙarshe, malaman gwamnati da yawa a Nijeriya sukan cika fom ɗin da ake kira APER, wato rahoton auna aikin ma'aikaci na shekara. Malamin ne ke fara cika ɓangarensa, ya faɗi aikin da ya yi da kwas ɗin da ya halarta. Daga nan sai fom ya koma hannun na gaba da shi, ya ba shi maki a kan abubuwa daban-daban, ya kuma rubuta jawabi a 'yan layukan da aka bari. Sannan wani babba ya sake dubawa ya sa hannu. Gwamnatin tarayya ta fara sauya wannan tsari da wani sabo, amma malamai da yawa a jihohi har yanzu da shi suke tafiya, kuma idan lokacin ƙarin girma ya zo, waɗannan foma-fomai na shekarun baya suna cikin abin da ake buɗewa.

Malamin da ba ya zuwa aji ba ya ba shugaba wahalar rubutu, haka ma wanda komai nasa tsaf yake. Wanda ke sa firinsifal ya riƙe biro ya yi shiru shi ne malamin da ɗalibansa ke cin jarrabawa, iyaye na yabonsa, amma idan aka ce ya kawo takardunsa sai ya fara sosa ƙeya.

Mu ɗauki misali don mu ga yadda abin yake. A ce malamin lissafi ne a babbar sakandare, yana koyar da aji biyu da aji uku, kuma shi ne malamin aji na ɗaya daga cikin azuzuwan. Ɗalibai 80 ya shigar jarrabawar WAEC, 58 suka samu kiredit, wato daga C6 zuwa sama, alhali bara 41 ne kawai cikin 80. Yakan tsaya da yamma ya yi wa yara darasin ƙari ba tare da an biya shi ba. Amma da mataimakin shugaba mai kula da karatu ya karɓi takardu, sai ya tarar dayari, littafin da ake rubuta abin da aka koyar kowane mako, an cika makonni huɗu ne kawai a zangon farko, sauran shafuka fayau. Rajistar aji ba a tara jimillarta ba tun mako na shida. Makin gwajin cikin zango kuma yana warwatse a takardu a cikin jakarsa, bai miƙa ba sai bayan mako biyu da cikar wa'adi, har katin sakamakon ajinsa ya makara.

Mai karatu zai iya cewa, to ina ruwan wani da dayari tunda yara sun ci? Amsar tana cikin makin gwajin nan. Tun daga manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 aka tsayar da cewa ba jarrabawar ƙarshe kaɗai za ta yanke wa yaro hukunci ba, za a riƙa tara masa maki daga gwaje-gwaje da aikin gida. Makarantu da yawa kan ware maki 30 ko 40 cikin 100 don wannan. Hukumomin WAEC da NECO ma suna neman makaranta ta aika musu da makin da ɗalibi ya tara a shekarunsa na babbar sakandare. Idan takardar da ke jakar malam ta ɓata, ko ruwan sama ya jiƙa ta, abin da yakan faru shi ne a zauna a ƙirƙiro maki daga kai. Yarinyar da ta yi ƙoƙari da yaron da bai taɓa kawo aikin gida ba sai su tashi da kusan abu ɗaya. Wannan zalunci ne, ko da malamin bai yi nufinsa ba.

Dayari kuma ranar da aka yi wa malam canjin wurin aiki ake sanin amfaninsa. Wanda ya gaje shi zai shiga aji bai san inda aka tsaya ba, sai ya tambayi yara, su kuwa kowa da abin da zai faɗa. Ita ma rajista shaida ce: idan uba ya zo yana cewa kullum ɗansa na fita da sunan makaranta, ita ce za ta nuna ko yana isowa. Akwai kuma abin da malamin kansa ba ya lura da shi. A zamanin da ake yawan zargin satar jarrabawa, idan sakamako ya tashi daga 41 zuwa 58 a shekara guda, abin da zai nuna cewa gumi ne ya kawo shi shi ne dayari mai nuna an gama manhaja, da makin gwaji mai nuna yadda yaran suka riƙa hawa sannu a hankali. Wanda bai ajiye waɗannan ba ya bar kansa ba mai kare shi.

Shugabanni kan kauce hanya ta fuska biyu. Wani sai kyawun sakamako ya rufe masa ido, ya jera wa malam babban maki a kowane gida na fom, ya rubuta "Haziƙin malami, ya cancanci ƙarin girma" ya sa hannu. Wannan jawabi bai gaya wa malamin komai ba, kuma ya ɗaure hannun shugaban. Baɗi idan sufetoci suka zo daga ma'aikatar ilimi suka ga dayari babu komai, da wace hujja zai ba malamin takardar tuhuma, bayan shi da kansa ya rubuta cewa ba shi da aibi? Sauran malamai kuma suna kallo, za su gane cewa wahalar cika takardu ta marasa farin jini ce kawai.

Wani shugaban kuma haushin makarar katin sakamako ne ke cinsa, sai ya rubuta "Ba ya ɗaukar aikinsa da muhimmanci". Wannan ya fi na farko muni a ganina, domin ƙarya ce. Mutumin da ke tsayawa da yamma kyauta ba za a ce bai damu da aiki ba. Kalma irin wannan tana hukunta halin mutum ne gaba ɗaya, kuma za ta zauna a fayil ɗinsa shekara da shekaru, waɗanda ba su taɓa ganinsa a aji ba su karanta ta. Irin wannan layi ɗaya yana iya sanyaya wa malami gwiwa har ya daina darasin ƙari.

Shi fom ɗin ya riga ya raba abubuwa gida-gida, saboda haka ba dole ba ne maki ya zama iri ɗaya. Malam zai iya samun mafi girman maki a sanin aiki da yawan abin da ya samar, ya kuma samu na ƙasa-ƙasa a tsara aiki da cika wa'adi. Jawabin da ke ƙasa shi ne zai bayyana dalilin bambancin. Da Turanci ake cika fom ɗin, amma ga ma'anar abin da ya kamata a gani a misalinmu:

"Malami ne da ya san darasinsa kuma ya iya isar da shi. Ɗalibansa 58 cikin 80 sun samu kiredit a lissafi a bana, bara kuwa 41 ne, kuma yana gudanar da darasin yamma don kansa. Sai dai ajiye bayanansa bai kai yadda ake buƙata ba: makonni huɗu kawai ya cika a dayarin zangon farko, ba a tara jimillar rajista ba daga mako na shida, kuma makin gwaji ya makara da mako biyu, abin da ya jinkirta katin sakamakon ajinsa. An yi masa magana a kan haka a tsakiyar zango kuma ya amince. An yi yarjejeniya zai riƙa miƙa dayari da rajista ga mataimakin shugaba kowace Juma'a, makin gwaji kuma cikin mako guda da yin gwajin. Za a sake dubawa a mako na shida na zango mai zuwa. Ina goyon bayan ƙarin girmansa, tare da shawarar kada a ɗora masa shugabancin sashe sai an ga gyara."

A lura cewa yabon ma da lissafi ya zo, kamar yadda sukar ta zo da shi. Babu kalmar "malalaci" ko "sakarci", abin da aka gani a littafi ne kawai aka faɗa, kuma malamin zai iya buɗe dayarinsa ya ƙirga da kansa. Jumlar da ke cewa an riga an yi masa magana tana da nauyi ƙwarai. Bai dace ma'aikaci ya fara jin laifinsa a ranar da aka miƙo masa fom ya sa hannu ba. Shugaban da ya yi shiru wata tara sannan ya zube komai a fom, shi ma bai yi nasa aikin ba, domin dayari kowane mako ya kamata a duba shi a sa hannu. Idan shafuka takwas sun wuce ba rubutu ba kuma wanda ya tanka, gazawar ta mutum biyu ce.

Jumlar ƙarshe ita ce za a fi yin gardama a kanta. Wasu za su ce a riƙe ƙarin girman har sai ya gyara. Ni ban ga haka ba, matuƙar wannan ne karo na farko da aka rubuta masa. Hana shi shugabancin sashe kuwa yana da hujja, tunda shugaban sashe shi ke duba takardun wasu.

Kafin a rubuta komai, ya kamata a tambayi dalili. Malamin lissafi ɗaya tilo a makaranta, mai darasi talatin a mako da azuzuwa masu ɗalibai fiye da 70, ba daidai yake da mai darasi goma sha biyu ba. Wani lokaci ma littafin rajistar bai iso makaranta ba sai da zango ya yi nisa. Idan haka ne, adalci shi ne a rubuta shi a jawabin, a kuma rage masa nauyi, misali a karɓi aikin malamin aji a ba wani.

Sai kuma a yi hattara da gyaran dare ɗaya. Malamin da aka matsa wa yakan zauna ya cika komai a zama guda, kuma gane hakan ba shi da wuya. Za a ga biro ɗaya da rubutu iri ɗaya daga farkon zango har ƙarshe. Ajin mutum 60 da ake kiran suna safe da rana ba zai wuce jimillar 600 a mako ba, kuma a makon da aka yi hutun kwana ɗaya ba zai wuce 480 ba. Idan aka ga 560 a irin wannan mako, an kira suna ke nan ranar da makaranta ke kulle. Za a ga yarinyar da ta bar makaranta tun wata biyu tana ta "halarta", makin gwaji kuma kowa tsakanin 24 da 27 cikin 30. Wannan ya tashi daga sakaci ya koma ƙirƙirar bayanan ƙarya, kuma hukuncinsa ya fi tsanani. Shi ya sa tun a zaman farko shugaba zai gaya masa: "Malam, abin da ya wuce a bar shi yadda yake, kada ka cike mini gurbi. Daga wannan Juma'ar nake so mu fara."

Ga malamin da aka miƙo wa irin wannan fom kuwa, ka karanta kafin ka sa hannu. Idan alƙaluman daidai ne, ka karɓa. Idan akwai kuskure, ko an bar wani dalili da ya kamata a ambata, ka rubuta bayaninka cikin ladabi, ka nemi a haɗa shi da fom ɗin kafin ya bar makaranta.